Yadda Ake Saita Saƙon Tunatarwa na Imel Ga Wanda Ya Bar Kaya a Kwando Lokacin Cinikin Sallah

 Darasin yau na masu sayar da kaya ne a shagon intanet, musamman waɗanda ke zaune a garuruwan arewacin Kano irin su Dambatta, Bichi, Makoɗa da Minjibir, masu saro kaya a Kantin Kwari suna aika wa masu saye na kusa da na nesa.

Duk mai irin wannan shago ya san matsalar. Mutum zai shigo shafinka, ya zaɓi shadda, ya jefa a kwando, ya rubuta sunansa da imel ɗinsa, sai ka neme shi ka rasa, bai biya ba. Wannan ba a kanka aka fara ba. Cibiyar Baymard, wadda ke tattara bincike a kan sayayya ta intanet, ta nuna cewa a duniya kusan kwando 70 cikin kowane 100 haka ake barinsu. Abin da aka saba yi shi ne a saita manhaja ta riƙa aika wa mutumin saƙon imel tana tuna masa kayan da ya bari.

Saitin da manhajojin nan ke zuwa da shi an yi shi ne don ranakun da babu gaggawa. Idan ka bar shi yadda yake har azumi ya kama, zai riƙa kiran mutane su sayi kayan da ba za su iso musu a kan lokaci ba. Don haka abin da za mu koya guda ɗaya ne: ba daga ranar Sallah ake lissafin lokacin saƙo ba, daga ranar ƙarshe da kayan ke da amfani ga mai saye ake komawa baya.

Yadda abin yake aiki a taƙaice

Manhaja ba ta iya tuna wa kowa sai wanda ya bar adireshinsa. Wanda ya zuba kaya a kwando ya fita tun bai kai shafin biya ba, babu yadda za a yi da shi. Wanda ya kai shafin biya ya rubuta imel, shi ne ake iya bi. Shi ya sa yana da kyau gurbin imel da lambar waya su kasance a saman fom, kafin gurbin adireshin gida.

Da zarar ya rubuta, manhajar na ajiye abubuwa uku: imel ɗin, jerin kayan da ke kwandon, da lokacin da ya yi motsi na ƙarshe a shafin. Idan aka ɗauki wasu mintuna bai biya ba, sai ta ɗauka ya tafi, ta fara ƙirga lokacin saƙo na farko. A Shopify wannan aiki a haɗe yake da shagon, za ka ga jerin mutanen a `Orders` ƙarƙashin `Abandoned checkouts`. A WooCommerce kuwa sai ka ɗora ƙarin manhaja, kamar AutomateWoo ko wadda kamfanin CartFlows ya yi don wannan aiki.

Tsarin da aka fi bi a ranakun da babu cunkoso shi ne saƙo uku: na farko bayan awa 1, na biyu bayan awa 24, na uku bayan awa 72. Ka riƙe waɗannan lambobi, domin su ne za mu sauya.

Mataki na farko: fara da ranar Sallah mafi kusa

Ranar Ƙaramar Sallah ba a tabbatar da ita sai daren 29 ga azumi, lokacin da fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata ko rashin ganinsa. A 2024 an cika azumi 30, aka yi Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu. A 2025 azumi 29 aka yi, aka sallaci Idi ranar Lahadi 30 ga Maris. Tunda ba ka da ikon sanin wanne zai faru, kullum ka yi lissafi kamar azumi 29 za a yi. Idan an cika 30 ka samu rarar kwana ɗaya. Idan kuwa ka yi lissafi da 30 aka yi 29, kayan wasu zai iso ana hawan Sallah.

Za mu yi amfani da shekarar 2025 a misalinmu, domin a shekarar 1 ga Ramadan ya zo daidai da 1 ga Maris, kwanan watan biyu suna tafiya tare, lissafin ya fi sauƙin bi.

Mataki na biyu: kowane kaya da ranar rufewarsa

Mu ɗauka kana da shago a Dambatta. Kana sayar da shadda da yadi waɗanda ba a ɗinka ba, kana kuma sayar da huluna da ɗinkakkun kayan yara. Masu sayenka kashi biyu ne. Akwai na kusa, waɗanda ke karɓar kayansu ranar Lahadi idan sun shigo cin kasuwar Dambatta, ko ka ba direba ya kai musu Bichi ranar Juma'a. Akwai kuma na nesa, ’yan gida da ke aiki a Abuja ko Kaduna, waɗanda sai ka kai kayan tasha a Kano an ɗora a mota. Kwanakin da za mu sa a ƙasa na misali ne, kai ka sa naka gwargwadon yadda ka san direbobinka da telolin garinku.

Shadda ba ta da amfani ranar Sallah sai an ɗinka ta, kuma kowa ya san tela ba ya karɓar sabon ɗinki a goman ƙarshe sai da roƙo. Mu ce tela na buƙatar kwana 14. Daga 30 ga Maris ka koma baya kwana 14, ka sauka a 16 ga Maris. Wannan ita ce ranar da dole shaddar ta shiga hannun tela. Ga mai saye na Abuja, cire kwana 3 na hanya, ya zama 13. Cire kwana 1 na ɗaure kaya da kai su tasha, ya zama 12. Ƙara cire kwana 1 na ko-ta-kwana, saboda mota na lalacewa, ya zama 11 ga Maris. Ke nan ranar rufe odar shadda ga na nesa ita ce 11 ga azumi, kwana 19 cur kafin Sallah. Ga na kusa kuwa, tunda 16 ga Maris Lahadi ce, ranar kasuwa, za ka iya karɓar oda har zuwa Asabar 15 ga wata.

Hula da ɗinkakkun kayan yara ba sa jiran tela. Abin da ake so su shiga hannu kafin jajibere, mu ce Juma'a 28 ga Maris. Cire kwana 5 ɗin nan na hanya da ɗauri da ko-ta-kwana, ka samu 23 ga Maris ga na nesa. Na kusa za su iya kaiwa 27 ga wata.

Yanzu kana da ranakun rufewa huɗu, ba ɗaya ba: 11, 15, 23 da 27 ga Maris. A cikin manhajarka wannan na nufin ka raba kayanka rukuni biyu, wanda ake ɗinkawa da wanda aka gama, ka kuma raba masu saye ta jihar da suka rubuta a fom. Idan manhajarka ba ta iya rabawa ta jiha, ka ɗauki ranar na nesa ga kowa, sannan a cikin saƙon ka rubuta cewa na kusa su yi maka magana ta waya.

Wannan lissafi na nuna wani abin da ake yawan mantawa. A 2025 ranar rufe shadda ta wuce tun kafin albashin watan Maris ya shigo. Ma'aikacin da zai sayi shadda da albashin Fabrairu zai saya, saboda haka cunkoson shadda a makon farko na azumi yake, ba a makon ƙarshe ba. Kuma tunda shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kusan kwana 11, wannan haɗuwa ta albashi da ranar rufewa tana sauyawa duk shekara. Saitin bara ba zai yi maka aiki bana ba.

Mataki na uku: matse tazarar saƙonni

Ka raba lokacin zuwa zango uku ga kowane rukuni na kaya.

Zango na farko shi ne idan saura fiye da kwana 7 a rufe. A nan ka bar tsarin da aka saba, awa 1, awa 24, awa 72. Mutum na da lokacin yin shawara da maiɗakinsa a kan kala, ko ya jira kuɗi su shigo.

Zango na biyu shi ne kwana 7 na ƙarshe kafin rufewa. A nan saƙo biyu sun isa. Na farko bayan awa 1, na biyu washegari da hantsi, kuma a cikinsa a faɗi ranar rufewa ƙarara. Idan a ranar rufewar aka bar kwandon, saƙo ɗaya kawai za a aika.

Zango na uku shi ne bayan rufewa. A nan ka kashe saƙon Sallah na wannan rukuni gaba ɗaya. Idan kana son ka ci gaba da tuntuɓar masu barin shadda a kwando, to saƙon ya sauya harshe, ya gaya musu gaskiya cewa da wuya a samu ɗinki kafin Sallah, ga kuma ɗinkakkun kaya idan suna so.

Bari mu bi kwando ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Wani ma'aikaci a Abuja ya shigo shafinka ranar Lahadi 9 ga Maris bayan asham. Ya zaɓi shadda kala biyu, ya rubuta imel, ya ga kuɗin aike, ya fita da ƙarfe 10:40 na dare. Ranar rufewarsa Talata ce 11 ga wata, mu ce ƙarfe 6 na yamma.

Da tsarin da aka saba, saƙo na farko zai tafi 11:40 na dare, lokacin da ya riga ya kwanta saboda sahur. Na biyu zai tafi 10:40 na daren Litinin. Na uku kuwa, wanda galibi shi ke ɗauke da rangwame, zai tafi 10:40 na daren Laraba 12 ga wata, bayan an rufe da fiye da kwana ɗaya. Idan wannan na ukun ne ya ja hankalinsa ya biya, ka sayar masa da shaddar da tela zai iya ƙin karɓa. Ko dai ka mayar masa da kuɗi ka yi asarar kuɗin mota, ko ka riƙe kuɗin ka rasa shi da duk wanda zai ba labari a garinku. A wurin da kowa ya san gidan su kowa, wannan ta biyun ta fi tsada.

Da sabon tsarin, saƙo na farko ba zai tafi cikin dare ba, za a riƙe shi sai 7 na safiyar Litinin. Na biyu zai tafi 10 na safiyar Talata, yana cewa yau ƙarfe 6 ake rufewa. Na uku babu shi. Ka ga saƙo biyu ne kacal, amma dukkansu sun isa a lokacin da biyan kuɗi ke da amfani.

Game da awoyin da ba a aika saƙo, a azumi ka kauce wa lokaci biyu: daga gab da shan ruwa har a idar da asham, da kuma daga 11 na dare zuwa 6 na safe. Imel ba ya ɓacewa, amma wanda ya shigo lokacin da ba a riƙe da waya wasu saƙonni ne ke binne shi. Idan manhajarka ba ta da wurin saita awoyin hutu, ka zaɓi tazarar da za ta fi faɗawa da rana. Misali, idan ka lura yawancin kwandunanka tsakanin 9 da 11 na dare ake barinsu, tazarar awa 10 za ta kai saƙon tsakanin 7 da 9 na safe.

Abin da za ka rubuta

Saƙon ya zama gajere, domin a waya za a karanta shi, wataƙila a inda sabis ke da rauni. Hoto ɗaya ƙarami na kayan ya isa. Ga misalin saƙo na biyu:

Take: Yau ƙarfe 6 muke rufe odar shaddar Sallah zuwa Abuja

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Barka da azumi. Shadda kala biyu da ka zaɓa suna nan a kwandonka. Idan ka biya yau Talata kafin ƙarfe 6 na yamma, gobe za mu kai tasha, in sha Allahu ta iso ka kafin Lahadi 16 ga wata, ka samu kai wa tela a kan lokaci. Kuɗin kaya da na aike duka suna rubuce a ƙasa. Danna nan ka koma kwandonka. Idan ka riga ka biya ta tiransifa, turo mana shaidar biya ta lambar shago, kada ka sake biya. Idan ba ka son irin wannan saƙo, danna nan mu daina.

Ka lura babu "saura guda biyu kacal" a ciki, sai idan da gaske biyun suka rage. Ranar rufewa ta gaskiya ta isa ta sa mutum ya yi sauri. Ka lura kuma an faɗi kuɗin aike, domin ganin ƙarin kuɗi a mataki na ƙarshe na cikin manyan dalilan da ke sa a bar kwando. Layi na ƙarshe kuwa ba ado ba ne. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum damar ƙin karɓar saƙon talla, kuma idan ya ƙi dole ka daina. Tun a fom ɗin biya ka rubuta cewa za ka iya tuna masa ta imel idan bai kammala ba.

Abubuwa uku da ke lalacewa, da yadda za ka gane

Na farko, aika saƙo ga wanda ya riga ya biya. A nan wurinmu mutane da yawa na zaɓen kaya a shafi, sannan su koma WhatsApp su nemi lambar asusu, su tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint, ko su je wurin mai POS. Shagonka bai san an yi wannan ba, a wurinsa kwandon yana nan a yashe. Washegari sai mutum ya ga saƙo ana cewa bai biya ba, hankalinsa ya tashi ya ɗauka kuɗinsa sun maƙale. Alamar ita ce kiran waya ana tambayar ko alat bai shigo ba. Maganin shi ne duk wanda ya biya ta gefe, a take ka shigar da odarsa a shagon da imel ɗin da ya yi amfani da shi, ka mayar da ita `Processing`, sannan ka leƙa jerin kwandunan ka tabbatar sunansa ya fita. Idan kuma ta Paystack ko Flutterwave ake biya amma oda na tsayawa a `Pending payment` bayan kuɗi sun fita, to duba adireshin `webhook` da ka sa a asusunka na can, domin ta nan suke sanar da shagonka cewa an biya.

Na biyu, saƙo ya makara. Wannan ya fi samun masu WooCommerce. WordPress ba shi da agogon da ke aiki da kansa. Ayyukan da aka tsara wa lokaci suna tashi ne idan wani ya ziyarci shafin. A ƙaramin shago da ba a cika shiga da safe ba, saƙon ƙarfe 7 na iya zama har azahar. Za ka gane haka idan ka shiga `WooCommerce > Status > Scheduled Actions` ka ga ayyuka sun taru lokacinsu ya wuce. Gyaran mataki biyu ne. A cikin `wp-config.php` ka ƙara wannan layi:

```php
define( 'DISABLE_WP_CRON', true );
```

Sannan a `Cron Jobs` na wurin da ka ajiye shafinka ka sa wannan, ka musanya `example.com` da adireshin shagonka:

```
*/5 * * * * wget -q -O - "https://example.com/wp-cron.php?doing_wp_cron" >/dev/null 2>&1
```

Yanzu duk minti 5 za a tada ayyukan ko da babu mai ziyara. Kada ka sa layin farko ka manta na biyu, domin idan ka yi haka saƙonnin za su iya tsayawa cak. Ka kuma duba `Settings > General` ka tabbatar `Timezone` yana kan `Lagos`. Idan ya zauna a `UTC+0`, agogon shagonka na bayan namu da awa ɗaya, rufewar ƙarfe 6 ta koma ƙarfe 7.

Na uku, saƙo ya faɗa `Spam`. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara dokokinsu. Duk mai aika saƙo daga adireshin shafinsa ana so ya saita aƙalla SPF ko DKIM, waɗanda su ne shaidar cewa saƙon daga gare ka ya fito. Masu aika saƙo 5,000 ko fiye a rana dole su haɗa da DMARC. Kai ba za ka kai wannan adadi ba, amma ka saita duka ukun, kamfanin da ke aika maka imel zai ba ka layukan da za ka kwafa. Don ka gwada, ka zuba kaya a kwando da wani Gmail naka, ka bar shi, ka jira saƙon. Idan ya zo, ka buɗe shi a kwamfuta, ka danna `Show original`, ka duba ko an rubuta `PASS` a gaban SPF da DKIM. Wannan gwaji a watan Sha'aban ake yinsa, ba ranar 9 ga azumi ba.

Rangwame: yi lissafi kafin ka bayar

Manhajoji da yawa na zuwa da rangwamen kashi 10 a saƙo na ƙarshe. A lokacin Sallah mutum na da dalilin saye ko ba ka rage masa ba, don haka ka auna tukuna. Hanyar aunawa ita ce ka ware kwando ɗaya cikin kowane biyar kada a aika masa komai, sannan ka kwatanta.

Mu ɗauka a misali kwando 125 aka bari. Ka aika wa 100 saƙo, 14 suka dawo suka biya. Sauran 25 ba ka aika musu ba, amma 2 suka dawo da kansu, wato 8 cikin 100. Manhajarka za ta yi maka albishir cewa ta ceto 14, alhali abin da saƙon ya ƙara 6 ne, sauran 8 da ma za su dawo.

Yanzu mu ce kowane kwando naira 40,000 ne, ribarka a ciki 6,000. Da ba ka aika komai ba, mutum 8 za su ba ka ribar 48,000. Da saƙo ba rangwame, mutum 14 sun ba ka 84,000. Idan ka rage kashi 10, wato 4,000, ribar kowane kwando ta koma 2,000. Sai mutum 24 sun saya kafin ka kamo 48,000 ɗin da za ka samu kana zaune, sai kuma 42 kafin ka kamo 84,000. Idan dole ka yi wani abu, ɗauke wa mutum wani ɓangare na kuɗin mota ya fi araha, kuma shi ne abin da ya kore shi tun farko.

Abu biyu za ka kiyaye a nan. Kwando 25 sun yi kaɗan a yanke hukunci da su, mutum ɗaya ya ƙaru lissafin ya sauya, saboda haka ka tara na Sallah biyu ko uku. Kuma kada ka dogara da adadin waɗanda aka ce sun buɗe saƙo. Tun 2021 manhajar imel ta iPhone ke iya sauko da hotunan saƙo da kanta, sai a ƙirga an buɗe ko mutum bai gani ba. Ka ƙirga waɗanda suka danna da waɗanda suka biya.

Inda imel ke tsayawa

Kusan duk mai wayar Android na da Gmail, domin da shi aka buɗe wayar, amma wannan ba ya nufin yana leƙa shi. Ma'aikaci a Abuja ko ɗalibi a Zariya zai ga saƙonka. Manomi a ƙauyen Makoɗa da ƙaninsa ya buɗe masa imel a shagon caji mai yiwuwa bai taɓa shiga ba. Za ka gane haka daga alƙalumanka: idan na nesa na dannawa, na kusa shiru, to ba rubutunka ne da laifi ba. Ga na kusa, ka ɗauki jerin kwandunan kowace safiya ka tura musu saƙon waya ko na WhatsApp da hannunka, da irin kalmomin nan da irin ranakun nan, ka kuma ambaci ranar kasuwar da za su karɓa. Lissafin komawa baya bai sauya ba, hanyar isar da saƙon ce kawai ta sauya.

Babbar Sallah ta fi sauƙi ta wani ɓangare, domin da zarar an ga watan Zulhajji an san ranar Idi, 10 ga wata. Sai dai idan tela na buƙatar kwana 14, ranar rufe shadda za ta wuce tun ba a ga watan ba, don haka a nan ma da rana mafi kusa za ka yi lissafi. A 2025 an yi ta ranar Juma'a 6 ga Yuni, a bakin damina, lokacin da kuɗin mutanen karkara ke tafiya ga rago da taki da iri. A irin wannan shekara kada ka yi mamaki idan kwandunan na kusa sun ƙi dawowa duk yadda ka tsara saƙo, kuma kada hakan ya sa ka ƙara yawan saƙonni.

Aikin gida kafin darasi na gaba: ɗauki takarda, rubuta ranar Sallah mai zuwa mafi kusa, ka tambayi tela biyu a garinku ranar da suke daina karɓar ɗinki, ka tambayi direbanka kwana nawa kaya ke yi a hanya idan tasha ta cika. Daga nan ka fitar da ranakun rufewarka huɗu, ka sa su a kalandar wayarka tare da ƙararrawar da za ta tuna maka ka kashe kowane saƙo a ranarsa. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.